Biskit Ɗin Ƙarfe Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa mutumin nan abinci ba a taɓa dawo mini da faranti ba, sai ga biskit ya kusa raba ni da aikina. Biskit fa, abin da ko dafa shi ba ni na yi ba.

Kuku ne ni a gidan wani Ba'indiye mai sayar da yadi. Kantinsa yana ƙasa, mu muna saman bene, a bayan Titin Ibrahim Taiwo. Ni kuma iyalina suna Kwaciri, kullum a keke nake zuwa. Lokacin ne kuɗin mai ya shigo ƙasa, ba a daɗe da barin fam an koma naira ba, kaya suna ta sauka a Kasuwar Singa kamar ba za su ƙare ba. Gwangwani, kwalba, kwali, kowane da rubutun ƙasarsa. Wanda jiya ƙosai ne karin kumallonsa, yau sai ka gan shi da biskit mai hoton saniya a jiki.

Maigidana ba mai tsanani ba ne wajen ci. Kaza yana ci, ƙwai yana ci, kuma na sha hango motarsa a wajen masu tsire a Sabon Gari. Matarsa, wadda muke ce wa Madam, ita ba ta cin nama amma ba ta hana a dafa. Haka muke har mahaifinsa ya rasu a ƙasarsu, aka kawo masa tsohuwarsa.

'Yar ƙaramar mace ce, kullum cikin farin zane, haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Mama kowa yake ce mata, ni ma na bi. Kafin ta sauka Madam ta zaunar da ni ta karanta mini doka. Tsohuwar nan tunda aka haife ta ba ta taɓa cin abin da ya yi rai ba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Madara tana sha, man shanu tana ci. Saniya kuwa a wurinsu kamar uwa take, ko maganar yanka ta ba a yi a gabanta. Aka kwashe tsofaffin tukwane aka ba ni, aka sayo sababbi, har wuƙa da ludayi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ni da na yi wa Bature aiki shekara shida kafin nan, wake da shinkafa da ganye ne za su gagare ni?

Kuma ba su gagare ni ba. Wata bakwai tana cin abincina tana gyaɗa kai. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, amma idan miya ta yi mata daɗi sai ta ɗaga yatsu uku ta kaɗa mini su.

Abu uku ne kawai na kanti suke shiga cikinta. Na farko biskit, guda biyu kullum ƙarfe huɗu, tana tsomawa a shayi don ya yi laushi. Na biyu wata jar alewa mai danƙo da take tsotsa, takan kuma ajiye 'yan ƙwayoyi a ɗan faranti a kusurwar ɗakinta inda take ibadarta. Na ukun ita ba ta ma san da shi ba. Wani baƙin ruwa ne a siririyar kwalba, mai tsami da ɗan yaji, wanda na koya a gidan Bature. Cokali guda nake ɗiga wa miyar wakenta. Sirrina ke nan, a bayan buhun shinkafa nake ajiye shi, don kowane kuku yana da abin da ba ya nunawa.

Kada a ce ban yi hattara ba. Na yi. Irin hattarar da na sani na yi. A Singa akwai wani Alhaji, dattijo, asalin iyayensa daga gabas suka zo, mai tsoron Allah ne ƙwarai, wurinsa nake sayayya. A shekarun nan surutu ya yi yawa cewa biskit ɗin waje da kitsen alade ake yin wasu, saboda haka shi ba ya ajiye sai wanda ya tabbatar. Ranar farko na ce masa, Alhaji, mai tsarki nake so, na tsohuwa ce mai ibada. Ya juyo mini katan ya nuna mini hatimi da Larabci da Turanci: babu kitsen alade. Na karanta Larabcin da idona, don wannan kam na iya. Da na dawo gida Madam ta tambaye ni ko na bincika, na ce na bincika. Na juye biskit a babban gwangwani na yar da kwalin. Ita tana kanti tun safe har yamma, ba ta ƙara bi ta kai ba.

Ranar da abin ya fashe, irin namu ne ya ƙare a wajen Alhaji. Ya ɗauko mini wani ya ce in tafi da shi ba komai.

"Wannan ma da kitsen saniya aka yi, kamar wanda kake ɗauka. Halal ne tsantsa."

Na ce, "Kitsen me, Alhaji?"

"Na saniya mana. Da na me kake so a yi? Ai shi ya sa nake zaɓa maka shi. Wanda ya shigo da kayan da bakinsa ya faɗa mini."

Na tsaya riƙe da kwali. Ya ga fuskata ya zaci raina kayan na yi, ya shiga rantsuwa cewa ko gidansa shi ake ci. Na ce masa tsohuwar ba ta cin nama. Ya ce to ina naman yake a nan, kitse ne kawai, kuma an narka shi. Ban iya yi masa gardama ba, domin wallahi har wannan safiyar ni ma haka nake gani. A wurinmu nama shi ne abin da za ka tsamo da cokali ka tauna. Mace za ta ce maka miyar yau ba nama, alhali da romon jiya ta haɗa ta. Shi Alhaji alade yake gudu, ni ma alade nake gudu, muka gudu tare muka faɗa kan saniya, wadda ita ce mafi muni a wurin matar.

Ban koma gida kai tsaye ba. To, na koma, amma ta ƙofar baya, na ɗauko alewar da kwalbar, na hau keke sai Sabon Gari. Akwai wani mai gidan burodi da muke mutunci, Inyamuri ne amma a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Lokacin yaƙi ya tafi, ya yi aiki a kamfanin biskit a kudu, daga baya ya dawo ya gyara tandarsa. Oga nake ce masa. Na zube masa kayan a kan teburin kwaɓi na ce ya karanta mini ƙananan rubutun nan, kada ya tsallake komai.

Ya fara da biskit. Ya ce wannan kwalin bai ma lissafa abin da ke ciki ba, da yawansu haka suke, wasu kuma sai su rubuta kitse kawai, ba su ce na me ba. Amma maganar Alhaji ba abin mamaki ba ce. Kitsen dabba yana da araha, yana sa biskit ya yi gardi, shi da hannunsa ya sha zuba shi a injin kwaɓi. In kana son ka tabbata sai ka ga an rubuta man itace ko na gyaɗa ƙarara.

Na tura masa alewa ina cewa wannan dai na san ƙaro ne, danƙon itace, irin wanda ake lodi daga nan ƙasar a kai waje. Ya ce wasu da ƙaro ake yi, gaskiya ne, amma ba wannan ba. Ya sa yatsa a kan wata kalma.

"Malam, ka san farfesun ƙafar saniya idan ya huce, yadda yake kamewa ya riƙa rawa a kwano?"

Na ce na sani.

"To shi ne wannan. Jalatin suke ce masa. Ƙashi da fata ake dafawa, a tace, a busar. Na saniya ko na alade, ba sa faɗa. Jan kalar kuma wani ɗan ƙwaro ne ake busarwa a niƙa."

Na ce ƙwaro kuma? Ya ce ƙwaro. Na tuna 'yan ƙwayoyin da take jerawa a farantin ibadarta. Ni kaina na sha jefa alewar nan a baki in ba kowa a kicin.

Saura kwalba. Wannan ban so ya karanta ba, na san ta shekara goma sha bakwai. Ya ɗaga ta wajen haske ya bi layi: ruwan tsami, tsamiya, albasa, sukari, sai ya fashe da dariya. Ƙananan kifi ne a ciki, irin waɗanda ake jiƙawa a gishiri har su narke. Ya ce lalle ni gwani ne, abu uku na saya kuma ban kuskure ko ɗaya ba: na ƙasa, na ruwa, har da mai rarrafe. Na ce Oga ba abin dariya ba ne. Ya ce in gode wa Allah, shi akwai wani Bature malamin makaranta da ke zuwa masa, wanda ko madara da zuma ba ya taɓawa, sai an yi masa burodinsa daban.

Da yamma na sami Maigida shi kaɗai a bayan kanti na faɗa masa duka. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya leƙa ƙofa, ya rage murya, ya ce wa ya sani ban da ni. Na ce mai burodi. Ya ce to a bar shi a nan. In yar da kwalbar, in daina sayen alewar, biskit kuma in nemo wani a hankali. Abin da ya wuce ya wuce, tsohuwa ce, faɗa mata ba zai fito da abin daga cikinta ba.

Maganarsa da hankali a ciki, ban musa ba. Na ce to. Washegari na kai mata shayi ba biskit, na yi mata alamar ya ƙare. Ta dube ni, ta nuna gwangwanin da ke kan kantar kicin. Ta san nauyinsa, ita ce take girgiza shi kullum. Ta kai ƙara wajen ɗanta. Ya shigo kicin ransa a ɓace ya ce saura rabin gwangwani, in ba ta ta ƙarasa, wata bakwai ta ci, kwana goma ne zai kashe ta?

Rana ta biyu ƙarfe huɗu na ɗora biskit biyu a faranti na ɗauki tire. Daga kicin zuwa ɗakinta taku goma sha biyu ne. A na shida na tsaya. Ba wani tunani mai zurfi na yi ba, ni ba malami ba ne. Tsohuwata na tuna, tana raye lokacin. Na ce da wani ne ya san akwai alade a abu, ya ɗora a faranti, ya miƙa mata yana murmushi, me zan kira shi? Wata bakwai ɗin can jahilci ne. Wannan guda biyun da sanina ne.

Na juya na sauka kanti da tiren a hannuna na ce wa Madam ta zo ta yi mini tafinta. A kan matakala na faɗa mata. Ta dafa bango, ta ce ba na ce na bincika ba? Na ce na bincika, tambayar ce ban iya ba.

Mama tana zaune a tabarma. Madam ta yi doguwar magana da yarensu. Tsohuwar ba ta dubi sarakuwarta ba, ni take kallo. Ta yi tambaya ɗaya. Madam ta ce tana tambayar tun yaushe. Na ce tun ranar da ta zo. Ta sake wata. Wai har da abin da take ajiyewa a kusurwa? Na ce har da shi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Na fi son a ce ta zage ni. Ta tashi ta ɗauki ɗan farantin nan ta fita da shi, muka ji ƙarar ruwa ya daɗe yana zuba. Kwana biyu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. A na uku ta sa aka kai mata ɗan risho ɗaki. Ayaba take ɓarewa da hannunta, ta tafasa madara da kanta, shi ke nan abincinta. Abin da na dafa kuwa, ko farar shinkafa ce, yadda na kai haka nake ɗaukowa.

Maigida ya kira ni. Ya ce bikinsu na kunna fitilu saura kwana tara, baƙi za su cika gidan, kuma ba za a ce uwarsa tana ɗaki tana cin ayaba kamar mara gata ba. In ranar ta zo ba ta ci abin hannuna ba, zai aika a kawo masa kuku daga ƙasarsu, ni kuma in nemi wani wuri.

Na ce, "Maigida, ni na yi biskit ɗin?"

"Kai ka yi baki."

Na hau keke ina magana ni kaɗai har Kwaciri. Mai ɗakina ta ji labari ta ce ai laifina ne, wa ya aike ni. Can kuma ta ce da ban faɗa ba da ta raina ni. Na ce to ta zaɓi ɗaya.

Abin da na fara yi shi ne sito. Na kwashe duk wani gwangwani da kwalba da kwali na loda a keke, sawu uku, zuwa wajen Oga. Yana kwaɓi yana karantawa, ni ina ware su gida biyu a ƙasa. Farin kirim ɗin da ake zuba wa salak, ƙwanduwar ƙwai. Dunƙulen miya, irin da muke da shi, romon nama da kitse. Miyar gwangwani mai hoton tumatir da karas, ruwan ƙashi a ciki. Garin da ake kwaɓa wa yara ya daskare a firji, jalatin. Cukun Turawa, ya ce yawancinsa da wani abu daga tumbin ɗan maraƙi ake kama madarar, kuma ba za ka gani a rubuce ba. Wata alewa mai ƙyalli, ƙyallin daga danƙon wani ƙwaro ne. Na ce wai mutanen nan ba za su iya yin abu ba sai sun jefa gawa a ciki? Ya ce suna iyawa, ga su nan, ya nuna ɗan tsibin da ya tsira. Ko kwata bai kai ba.

Na ɗauki tsibin na kai ƙofar Mama, Madam ta yi mata bayanin kowane. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce wancan ma an ce an bincika. Ta rufe ƙofa.

Saura kwana shida. Na ce to a bar kayan kanti, a koma na gida. Mai ɗakina gwanar alkaki ce, alkama ce da mai da zaƙi, ba ruwansa da dabba. Ta ɓata yini biyu ta yi mini cikin kwano, ya yi kyau har maƙwabta suna leƙe. Ina ɗaurewa a keke sai wani abu ya ce in tambaya. Na ce da wane mai kika soya? Ta ce man gyaɗa mana. Na ce sabo? Ta ce mai kyau ne, sau ɗaya kawai ta soya kaza da shi, ta tace. Na sauke kwanon na ajiye. Ta ce yanzu har ni za ka yi wa wannan iyayin? Yini guda ba ta yi mini magana ba. Yara suka cinye alkaki.

A nan ne na gane inda matsalar take. Ba abincin ba ne. Ko mai ɗakina ta soya da sabon mai, da me zan nuna? Da bakina. Bakina kuwa shi ne abin da ya mutu a gidan nan. Matar ba za ta ƙara cin abin da aka ce mata ba, sai abin da ta gani.

Na koma wajen Oga in tambaye shi yadda ake biskit a gida da fulawa da man shanu da sukari. Yana cikin faɗa mini sai ya ce, af, sukarin ma. Na ce kada ka fara. Ya ce ba dukansa ba, amma wasu kamfanonin ta cikin gawayin ƙashi suke tace shi ya yi fari, ƙashin ba ya zama a ciki, kuma ba yadda za ka gane da ido. Na zauna a kan buhun fulawarsa. Daga nan na tashi na shiga kasuwa na sayi mazarƙwaila curi biyu. Wannan dai na san ta, na ga ana yin ta a ƙauyenmu: ruwan rake ne a tukunya, sai wuta.

Saura kwana uku. Da safe na shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙofar kicin, daidai inda in ta buɗe ɗakinta za ta gani. Na jera alkama tsaba a kwano, ba gari ba. Man shanu ɗanye a ƙwarya, daga hannun Bafulatanar da ke kawo mana nono. Riɗi. Mazarƙwaila. Sabon kasko da takardar kanti a jikinsa. Na ɗauko dutsen niƙan da Madam take niƙa kayan yaji, na wanke shi sau uku, na zauna ina niƙa alkama. Ni, da gemuna, kuku mai shekara goma sha bakwai a aiki, ina niƙa a tsugune kamar sabuwar amarya. Madam ta dube ni ta wuce. Maigida ya tsallake tabarmar ya yi tsaki.

Wajen hantsi ƙofa ta buɗe. Ban ɗaga kai ba. Na ga ƙafafunta sun zo sun tsaya a bakin tabarma. Ta rame, zoben yatsan ƙafarta har yana juyawa. Ta sunkuya, ba alkamar ta taɓa ba, ba man ba. Mazarƙwailar ta ɗauka. Ta juya ta, ta sansana, ta faɗi wata kalma guda, ta sake faɗa da ƙarfi har Madam ta hawo. Madam ta ce wai irin ta garinsu ce sak, tana tambaya a ina na samo. Na ce a nan, rake ne, in tana so in kai ta inda ake dafawa ta gani.

Ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugune ta zauna a ƙofar kicin. Na fara haɗa biskit yadda Oga ya koya mini, ta buge mini hannu. Ta nuna kasko. Ta sa na narka man shanun har ruwansa ya ƙone ya yi ƙamshi, ta sa na tace a sabon ƙyalle. Ta sa na zuba garin a ciki ina juyawa a ƙaramar wuta. Na juya, na juya, hannuna ya gaji, in na sassauta sai ta ƙwanƙwasa ƙasa da sandarta. Da garin ya yi ja ta ce a sauke. Ta farfasa mazarƙwaila da kanta ta watsa a ciki, na gauraya, muka shafe a tire, ta barbaɗa riɗi, ta tsaga shi gida-gida da wuƙa tun da zafinsa.

Ya huce. Ta ɗauki guda ta shiga ɗaki, na ji ƙarar 'yar ƙararrawar ibadarta. Ta fito ta zauna. Ƙarfe huɗu ya yi. Ta nuna butar shayi, ta kalli hannuna tun daga ɗiban ruwa har zubawa a kofi. Ta jefa ɗan gutsuren mazarƙwaila a ciki. Sannan ta gutsuri abin nan ta tsoma ta ci.

Na shiga sito na tsaya kaɗan.

Ranar bikin tire shida muka yi. Maigida yana yawo cikin baƙi yana cewa kukunsa ne ya yi, shekara goma sha ɗaya yana tare da shi, ba a samun irinsa. Ko kallona bai yi ba da yake faɗa. Ban tafi ko'ina ba, na ƙara shekara takwas a gidan.

Amma kada wani ya zaci hutu na samu. Kujerar nan ba ta ƙara barin ƙofar kicin ba. Shekara huɗu, har ta koma ƙasarsu, matar nan tana zaune a kaina tun daga kunna wuta har wanke tukunya. Gishiri sai ta gani. Kwalba ko ta ruwa ce sai ta sansana. Abin da a da nake buɗe gwangwani in gama cikin minti biyar, yanzu sai na jiƙa, na niƙa, na tace. Alhajin Singa har ya rasu bai gane abin da ya yi mini ba. Duk sanda na wuce sai ya ce, kukun Indiya, an kawo mai tsarkin nan fa.

Miyar wake kuwa ba ta ƙara komawa yadda take ba. Na gwada tsamiya, na gwada soyayyar albasa. Wata rana na kawo daddawa, wadda ɗiyan ɗorawa ce zalla, ta sansana ta kusa faɗowa daga kujera, ta rantse wani abu ne ya mutu a ciki. Sai da na kawo mata ƙwayar kalwa ta gani, duk da haka ta hana.

Can wata rana, ta ɗan koyi Hausa lokacin, ta kurɓi miyar ta ajiye cokali ta ɓata fuska.

"Kuku, hannunka ya lalace. Da miya daɗi. Yanzu babu."

Na ce, "Kifin ne, Mama."

Ta daɗe tana kallona. Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da sha, ta ce gobe in ƙara tsamiya.